Katin Mutuwa ya faɗo a tsakiya: rabuwa ce ko sauyi?

Ummi Torino: Assalamu alaikum. Ƙawata 'yar ajinmu, Ba'italiya, ta shekara huɗu da saurayinta, yanzu ya samu aiki a wani gari. An buɗe mata katin tarot uku, wato kartar da Turawa ke duba da ita, na baya da na yanzu da na gaba, sai ga katunan da ake kira Kofi Biyu, Mutuwa, Kofi Takwas. Wadda ta buɗe ta ce soyayyar ta ƙare. Wata kuma ta ce katin Mutuwa bai taɓa nufin rabuwa ba, babban sauyi kawai yake nufi. Ƙawar tawa kwana take kuka. A wajen masu wannan harkar, wa ke da gaskiya?

Sagir Bauchi: Innalillahi. Allah Ya kiyaye. Shi saurayin ba shi da lafiya ne? In tafiyar mota zai yi a ce masa ya ɗan dakata.

Nafi Manchester: A'a Sagir, babu wanda ya ce wani zai rasu. Masu karanta katin a yau kusan duk sun daina fassara shi da mutuwar jiki. Ummi, ta biyun ce ke da gaskiya. Ki dubi hoton da kyau. Can baya rana tana fitowa tsakanin hasumiya biyu, tutar da ke hannun mahayin baƙa ce amma farin fure ne a jikinta, ga kwale-kwale yana tafiyarsa a kogi. Duk alamun sabuwar rayuwa ne. Katin da ke nuna rushewa shi ne Hasumiya, lamba 16. Mutuwa, lamba 13, sabuntawa ce. Ki kwantar wa ƙawarki da hankali.

Yaya Balaraba: Nafi ƙanwata, abin da kika gani a bayan hoton yana nan, amma kin tsallake gaban hoton, kuma a nan maganar take. Ni ta fuskar tarihin zane na yi nazarin katunan nan, ba na duba wa kowa, amma na san yadda masu abin suke karanta shi.

Katin da kike bayyanawa na jerin da Pamela Colman Smith ta zana ne ƙarƙashin jagorancin Arthur Edward Waite, aka buga a Landan a 1909. Ƙwarangwal ne sanye da baƙin sulke a kan farin doki. A ƙarƙashin dokin sarki ne kwance, kambinsa ya faɗi gefe. Babban limamin coci ya haɗa hannuwa yana fuskantar mahayin, budurwa ta durƙusa ta kawar da kai, ƙaramin yaro ne kawai yake kallonsa ido da ido. Sarkin nan ba barci yake ba, kuma dokin bai tsaya don kowa ba. Mai zanen ta sa ranar can nesa, ta sa gawar a kusa da ido.

Shi kansa Waite, a littafin da ya rubuta na bayanin katunan, abin da ya jera wa wannan kati shi ne ƙarshe da halaka da lalacewa, har ya ware cewa in budurwa aka buɗe wa, yana nufin wargajewar shirin aure. To wanda ya tsara jerin da bakinsa ya faɗi haka, ta ina za a ce katin bai taɓa nufin rabuwa ba? Fassarar da ke tsayawa a kan sauyi da sabuntawa ta yi ƙarfi ne daga baya, a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, lokacin da marubuta a Amurka da Ingila suka riƙa karanta katunan da tabarau na ilimin halayyar ɗan Adam, musamman na Carl Jung.

Nafi Manchester: Yaya, amma don fassara ta zo daga baya ai ba shi ne ya sa ta zama kuskure ba. Ita ma ta Waite ɗin sabuwa ce. Karta ce fa ta wasa tun asali.

Yaya Balaraba: Wannan gaskiya ne. A arewacin Italiya aka fara yin ta wajajen 1440, wasa ake yi da ita a gidajen sarauta irin na Milan da Ferrara, sai a ƙarshen ƙarni na 18 Faransawa suka mayar da ita abin duba. Ba tsufa nake kafa hujja da shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mace "sauyi" a yi shiru, ba a faɗi abin da zai fita daga hannunta ba. A karatun masu hankali daga cikinsu, katin nan kullum yana cewa wani abu ya ƙare kuma ba zai dawo ba. Tambayar ita ce mene ne ya ƙare, soyayyar ce dungurungum ko wani yanayi da take ciki. Katin shi kaɗai ba ya amsa wannan. Gurbin da ya faɗo da katin da ya biyo shi su ke amsawa.

Mu ɗauki na ƙawar Ummi. A gurbin baya Kofi Biyu ne, namiji da mace suna miƙa wa juna kofi, wato an yi so na gaskiya, kowa ya ba da nasa. Mutuwa ta faɗo a gurbin yanzu, ba a na gaba ba. Mai karatu zai ce abin ya riga ya faru ko yana kan faruwa, ba gargaɗi ake yi mata ba. Wannan ma shi ne bambancinsa da Hasumiya da kika ambata: Hasumiya tsawa ce ta faɗo ba zato, Mutuwa kuwa abu ne da ya daɗe yana ƙarewa, mai shi ya sani a ransa. Sai kati na uku. A Kofi Takwas, kofuna takwas ne a jere a gaba, babu wanda ya kife, ga mutum da sanda da jan mayafi ya juya musu baya yana haurawa cikin duwatsu da dare. Ba a kore shi ba, da ƙafarsa ya tafi. In kika jera ukun, so na baya, ƙarewa a yanzu, tafiya a gaba, wadda ta ce soyayyar ta ƙare ba ta yi wa katunan ƙarya ba.

Da a ce Sanda Huɗu ce ta biyo baya, mai rumfar furanni da mutane suna murna, da zan bi bayanki, Nafi. A nan za a ce zaman saurayi da budurwa ne ya ƙare, aure ya shigo. Ko a nan ma akwai abin da aka rasa, domin amarya tana kuka ranar da za a kai ta, kuma ba don ba ta son mijin ba.

Malam Habu: Ni dai dole in faɗa, ko da za a ji haushina. Gaibu na Allah ne. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Da bugun ƙasa da wuri da karta duk hukuncinsu ɗaya. Ummi 'yata, ki tausaya wa ƙawarki, amma ke kada ki miƙa hannu a buɗe miki. Muna da istihara da shawara.

Ummi Torino: Na gode Malam, ban sa an buɗe min ba kuma ba zan sa ba. So nake in fahimci abin da ya sa ta kuka don in san me zan ce mata.

Maman Ilham: Bari in ba ku nawa. Kafin in san hukuncin, wata maƙwabciyata a Kumasi ta taɓa buɗe min, lokacin muna rigima sosai da maigidan. Katin nan ya fito, na tsorata ƙwarai. Ba mu rabu ba. Abin da ya faru shi ne mun tashi daga gidan gandu muka kama namu, rigimar ta mutu. Yau ga mu da 'ya'ya. Don haka ni ina bayan Nafi.

Injiniya Tukur: Maman Ilham, Allah Ya ƙara zaman lafiya, amma labarinki bai raba gardamar ba. Da kun rabu, da an ce katin ya faɗi gaskiya. Ba ku rabu ba, an ce ya faɗi gaskiya. Duk ma'auratan da suke rigima wani abu zai sauya musu cikin shekara guda. Fassarar da ba ta da hanyar yin kuskure ba ta gaya miki komai ba. Sannan ku dubi lissafi. Kati 78 ne. In an buɗe uku, damar Mutuwa ta fito ɗaya ce cikin 26. In an yi babbar shimfiɗa mai kati goma, kusan ɗaya cikin takwas. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba takan koma a sake buɗewa, a sake, har sai ta haɗu da shi.

Yaya Balaraba: Lissafinka daidai ne, Injiniya, kuma ban ce takarda ta san gobe ba. Amma akwai abin da ya fi lissafin amfani ga Ummi. Hoton ya sa yarinyar nan kuka ne saboda ya faɗi abin da ta riga ta fara tsoro tun ranar da ya samu aikin. Da hankalinta a kwance yake game da shi, da dariya za ta yi ta mayar da katin.

Ummi, tambaya biyu. Wane jeri aka yi amfani da shi, kuma katin a miƙe ya fito ko a kife? A Italiya da Faransa da yawa suna riƙe da tsohon jerin Marseille. A can kati na 13 ko suna ba a rubuta masa, ƙwarangwal ne da lauje yana girbi, ga kawuna da hannuwa a ƙasa, babu rana babu fure. Kofi Takwas ɗinsa kuma kofuna ne kawai, babu mai tafiya, don haka rabin abin da na faɗa ba zai hau ba.

Ummi Torino: Mai dokin ne, Yaya. Na tambaye ta, ta ce a kife ya fito, amma wadda ta buɗe ta juya shi, ta ce ita ba ta aiki da kifaffen kati.

Yaya Balaraba: To akwai masu yin haka, makaranta ce guda. Waɗanda suke aiki da shi kuwa, Mutuwa a kife wajensu tsayawa cik ce: abu ya ƙare an ƙi sakinsa, ko sauyi ya zo an ƙi shigarsa. Waite ya haɗa ta da kasala da daskarewa. Ga ƙawarki sai a ce su biyun sun kasa zama su yi maganar da ta kamata.

Nafi Manchester: Kin gani ko, Yaya? A kife ƙofa ba ta rufe ba. Kuma mai sandar nan na Kofi Takwas, wa ya ce soyayyar yake bari? Saurayin ai tafiya zai yi da gaske, garin yake bari. Ko ita ce za ta bar Torino ta bi shi.

Yaya Balaraba: Ana iya karanta shi haka, ban musa ba. Sai dai kofuna a wannan tsarin na zuciya ne, ba na gari ba. Da tafiyar jiki ake nufi, Takobi Shida zan sa ran gani, mai kwale-kwale da mace da yaro ana haye ruwa da su. Nan kam ba mu haɗu ba.

Injiniya Tukur: Ummi, shi saurayin ya ce mata ta biyo shi, ko bai ce ba?

Ummi Torino: Bai ce ba. Ita ma ba ta tambaye shi ba. Ta ce ranar Asabar zai zo kwashe kayansa, za ta yi masa maganar.

Nafi Manchester: To a jira Asabar ɗin. Amma har yanzu ban yarda cewa wadda ta juya kati da hannunta tana da hurumin ce wa mutum soyayyarsa ta ƙare ba.