Ayyukan dare biyu suna sarƙewa a tebur ɗaya: in biya ɗan kwangila ko in gyara nawa?

Sabuwar shiga: Assalamu alaikum. Ina kula da databes na wani ƙaramin kamfanin bayar da rance, kuma da PostgreSQL muke aiki. Muna da ayyuka biyu da suke gudana da dare a kan teburin `asusu`. Na farko ni na rubuta shi, yana cire kason rance na yini daga asusun duk wanda ake bi bashi, a cikin tiransakshan guda ɗaya, kuma yana farawa da ƙarfe 1. Na biyu wani ɗan kwangila ne ya rubuta shi, yana karanta fayil na kuɗin da wakilanmu suka karɓa a kasuwa, yana zuba su layi bayan layi yadda suka zo a fayil ɗin. Tun da wakilan suka ƙaru ayyukan biyu suke haɗuwa, sai mu wayi gari ɗaya ya mutu da wannan saƙo:

```
ERROR:  deadlock detected
DETAIL:  Process 8121 waits for ShareLock on transaction 77310; blocked by process 8254.
Process 8254 waits for ShareLock on transaction 77302; blocked by process 8121.
```

Lambar shirin na biyu ba ta hannuna, kuma ɗan kwangilar ya nemi naira dubu 400 kafin ya taɓa shi. Ranar Litinin shugabana yake jiran amsa, ko mu biya ko in samo mafita daga ɓangarena kaɗai. Wanda ya taɓa fuskantar irin wannan ya taimaka mini da abin da ya gani.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Malama. Ki buga `SHOW ENGINE INNODB STATUS`, za ki ga dedlok na ƙarshe, wato sarƙewar ayyukan, da umarnin da kowane ɓangare yake gudanarwa. A wurinmu rashin indes ne ya jawo mana, domin tambayar tana bin tebur kaf tana kulle duk layin da ta taka, har da giɓin da ke tsakanin layuka. Muna sa indes aka daina ganin kuskure 1213.

Mai gadin saba: Malam, ka sake karanta tambayar, PostgreSQL ta ce. Kulle giɓi halin InnoDB ne, injin MySQL, kuma a nata injin `UPDATE` ba ya riƙe layin da bai cika sharaɗin tambaya ba. Shawarata, Malama, ki ɗaga `deadlock_timeout` daga daƙiƙa ɗaya da yake zuwa da ita zuwa daƙiƙa 30, domin ayyukan su sami lokacin jiran juna.

Tsohon injiniya: Gyaran da ka yi wa Ɗan Fagge daidai ne, ƙanena, amma shawararka ba za ta warkar ba. Wannan saiti yana faɗa wa injin tsawon lokacin da zai jira kafin ya duba ko an sarƙe, don haka idan sarƙewar ta gaske ce, za a kashe ɗayan aikin bayan daƙiƙa 30 maimakon ɗaya, kuma duk wanda ke bayansu a layi zai sha wannan jiran.

'Yata, ga abin da ke faruwa a wurinki. Aikinki ya gyara asusu mai lamba 1042 ya riƙe shi, domin kullen layi ba ya sakuwa sai tiransakshan ya ƙare. A daidai lokacin, fayil ɗin wakilai ya fara da asusu 5310, sai aikin ɗan kwangila ya riƙe wannan. Can gaba naki ya isa 5310 ya tsaya jira, nasa kuma ya ci karo da 1042 a layi na gaba na fayil ya tsaya jira. Kamar Keke Napep biyu ne da suka yi gaba da gaba a lungu, dole sai ɗaya ya koma da baya, kuma injin ne yake tilasta hakan ta hanyar soke ɗaya daga cikinsu. Maganin da aka sani shi ne ayyukan biyu su riƙa kulle layuka a jere iri ɗaya, misali bisa `id` daga ƙarami zuwa babba. Sai dai idan ke kaɗai kika jera, shi yana bin fayil yadda ya zo, ba ki gyara komai ba. Kafin mu ci gaba, ki faɗa mana ko akwai wani tebur ban da `asusu` da ayyukan biyu suke gyarawa.

Baban Yara: A kashe sabar a kunna mana. Mu janaretan ofis ne yake warware mana kowane dedlok, da zarar mai ya ƙare.

Akanta a da: Malama, duk abin da za ki yi, kada ki bari wani ya ce miki a sa shirin ya sake gwadawa kawai idan ya faɗi, ba tare da an duba yadda aka gina shi ba. A wurin da na yi aiki a da, muna da shirin cire kuɗin hidima wanda yake adana aikinsa bayan kowane asusu dubu. Da dedlok ya fara damunmu, sai kamfanin da ya sayar mana da shirin ya naɗe shi da umarnin sake gudanarwa har sau uku. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, idan ya faɗi a tsakiya, rukunin da yake ciki kaɗai ake sokewa, waɗanda aka riga aka adana suna nan daram, shi kuma shirin yana komawa ya fara daga asusu na farko. A dare ɗaya aka cire wa wasu mutane kuɗi sau biyu, wasu sau uku, kuma da safe rahoton ya nuna cewa aiki ya kammala lafiya. Ba mu sani ba sai da mata masu adashi suka cika ƙofar ofis da katinansu a hannu. Ni aka sa na zauna ina mayar da kuɗin ɗaya bayan ɗaya, ni aka ba takardar gargaɗi saboda sa hannuna ne a kan rahoton, kamfanin kuwa da aka kira su sai suka aiko da takardar kuɗin gyara. Har yau idan na ga kalmar “an kammala” a allo sai na buɗe tebur na ƙirga da kaina.

Mai gadin saba: Allah ya kiyaye gaba, Yaya, amma laifin ba na sake gwadawa ba ne. Hatta bayanin PostgreSQL na hukuma ya ce idan ba a iya tabbatar da jeri ɗaya ba, a sake gudanar da tiransakshan ɗin da aka soke. Ana kama lambar `40P01` kaɗai, a ɗan dakata, a maimaita wannan rukunin, ba aikin gaba ɗaya ba.

Akanta a da: Kai ka karanta a takarda, ƙanena, ni kuwa ni na tsaya gaban mutanen.

Ɗan Fagge: Ni dai naira dubu 400 ta yi yawa. Wani yaro ya gyara mana makamancin wannan a kan dubu 60, har da abincin rana.

Hajiya mai manhaja: Malam, ni ’yar kwangila ce, kuma ban taɓa karɓar ƙasa da dubu 700 a kan shirin da ke taɓa kuɗin mutane ba. Rubuta `ORDER BY` aikin minti biyar ne, amma gwada ayyukan biyu a tare a kan kwafin bayanan gaskiya, da ɗaukar alhaki idan lissafi ya karkace, su ne ake biya. Malama, idan ayyukan biyu daga na’ura ɗaya `cron` yake tayar da su, ki sa `flock` a gaban kowannensu da fayil ɗin kulle guda, sai ɗaya ya jira ɗaya ya gama, ba tare da kin buɗe shirin kowa ba.

Sabuwar shiga: Na gode muku duka. Hajiya, nasa shirin a na’urarsa yake gudana, yana shigowa databes ɗinmu daga nesa, kuma lokacin farawarsa ya danganta da isowar fayil, shi ya sa matsar da nawa zuwa ƙarfe 3 bai hana su haɗuwa ba. Baba injiniya, a iya sanina `asusu` kaɗai suka haɗa, amma akwai teburin jimillar reshe da nawa yake sabuntawa a ƙarshe.

Tsohon injiniya: To akwai hanyar da ba ta buƙatar hannunsa. Sarƙewa tana buƙatar kowane ɓangare ya jira ɗan’uwansa, saboda haka idan aikinki ya daina jiran kowane layi, ba za a sarƙe da shi ba. Ki ƙara ginshiƙin da ke nuna ranar da aka cire wa asusu kaso na ƙarshe, wanda ba a barinsa fanko, ki kuma raba aikin rukuni-rukuni, kina adana kowane rukuni shi kaɗai:

```sql
UPDATE asusu a
SET ragowa = a.ragowa - a.kason_rance,
    ranar_cira = DATE '2025-03-10'
FROM (SELECT id FROM asusu
      WHERE kason_rance > 0 AND ranar_cira < DATE '2025-03-10'
      ORDER BY id LIMIT 500
      FOR UPDATE SKIP LOCKED) z
WHERE a.id = z.id;
```

`SKIP LOCKED` yana nan tun PostgreSQL 9.5. Da shi, idan aikinki ya isa 5310 ya tarar an riƙe, zai tsallake ya ci gaba, ya adana, ya saki 1042, sai nasa ya wuce. Ginshiƙin ranar kuma shi ne amsar abin da ya sami Akanta, domin ko sau goma aka maimaita umarnin ba za a cire wa asusu ɗaya sau biyu a rana ɗaya ba. Tarkon yana wurin tsayawa. Kada ki ɗauka an gama don umarnin ya dawo da sifili, wataƙila duk sauran a riƙe suke, don haka sai ki ƙirga waɗanda ranarsu ba ta canza ba da `SELECT` na yau da kullum, wanda ba ya jiran kullen layi, idan da saura ki dakata ki sake zagayowa. Jimillar reshe kuwa ki fitar da ita zuwa tiransakshan nata bayan an gama, ki kuma kunna `log_lock_waits` ki gani ko nasa yana taɓa ta.

Hajiya mai manhaja: Baba, wannan zai hana dedlok, amma ya canza ma’anar aikin. A da ko a cire wa kowa ko kada a cire wa kowa, yanzu kuwa ana iya buɗe ofis rabi an cire rabi ba a cire ba. Ban da haka, shin kaso ya kamata a cire kafin a zuba kuɗin wakilai ko bayan an zuba? Mutumin da ragowarsa ba ta kai ba sai da kuɗin kasuwa zai bayyana a matsayin wanda ya gaza biya ko wanda ya biya, gwargwadon aikin da ya riga isa gare shi. Wannan sashen lissafi ne zai yanke, ba mu ba.

Tsohon injiniya: Gaskiyarki, Hajiya, sai dai wannan rigegeniyar tana nan tun kafin shawarata, tunda yanzu ma babu mai tabbatar da wanda zai riga.

Akanta a da: Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka yarda tun farko shirin da ke zuba kuɗi a asusun mutane ya zauna a na’urar wani, babu lambarsa a hannun masu kuɗin. Mu ma da muka nemi tamu cewa aka yi ba ta cikin yarjejeniya.

Hajiya mai manhaja: Yaya, ka tambayi sau nawa aka miƙa lambar shiri sannan aka hana mu cikon kuɗinmu. Ni ma sai an biya na ƙarshe nake miƙawa.

Sabuwar shiga: Na duba yarjejeniyarmu, babu inda aka ambaci lambar shirin ko gyara bayan miƙa aiki. Zan gwada hanyar Baba a kwafin databes a daren Asabar, in kai wa shugaban sashen lissafi tambayar Hajiya. Akwai wanda ya san yadda zan kwaikwayi aikin ɗan kwangilar a gwajin, tunda ba zai yarda ya juya nasa zuwa kwafin kyauta ba?