Maki ɗaya, wa ke sama? Teburin gasar unguwa a Tahoua

Mai rubuta maki: Salamu alaikum. Rukuninmu ƙungiya huɗu ne, wasa uku-uku, ɗaya tak ke wucewa. Ja da Fari duk sun ci biyu sun faɗi ɗaya, maki 6-6. Ja ta doke Fari 1-0, amma bambancin ƙwallayenta +1 ne, na Fari +5. Wa za mu sa sama?

Tsohon alƙalin wasa: Ƙanena, kafin gardama, tabbatar teburin kansa daidai ne. A kowane layi, nasara da canjaras da faɗuwa su haɗu su ba da yawan wasannin da aka buga. Sannan tara bambancin ƙwallayen ƙungiyoyin duka: dole ya fito sifiri, domin ƙwallon da wani ya ci, wani aka ci. In bai fito ba, galibi an rubuta sakamako a layin wanda ya ci, an manta layin wanda aka ci.

Mai rubuta maki: Kore maki 4 da -3, Shuɗi maki 1 da -3. Ya fito sifiri, Malam.

Ɗan tasha: Ai akwai kuskure. Wasa shida sau uku 18 ne, naku 17.

Tsohon alƙalin wasa: Da gaskiyarka in ba canjaras. Wasan da aka tashi canjaras maki biyu kawai yake rabawa, ɗaya-ɗaya. Nasara biyar 15, canjaras ɗaya 2, ga 17 ɗinka. Batun wa ke sama kuwa, ba doka ɗaya ba ce a duniya. A Ingila bambancin ƙwallaye ake fara dubawa, sai yawan ƙwallayen da aka ci. Da wannan Fari ce sama. A Sifen da rukunin kofin Afirka wasan da suka yi tsakaninsu ne farko. Da wannan Ja ce. Abin da takardar dokar gasarku ta ce shi ne hukunci.

Hajiya mai goyon Fari: To in komai ya zo daidai fa, sai fenariti?

Malamin wasanni: A'a Hajiya, a rukunin wasu gasanni sai a koma kan kati, sannan ƙuri'a. Haka Senegal ta fita a kofin duniya na 2018: ita da Japan maki 4-4, ƙwallaye 4-4, sun tashi 2-2, amma katin ɗorawa shida gare ta, Japan huɗu. Shi ya sa nake ƙara gurbin kati a tebur tun wasan farko. Ni dai a gasar unguwa na fi son a fara da wasan tsakaninsu, saboda forfe: ƙungiyar da ta san ta fita sai ta ƙi zuwa, a rubuta 3-0, wani ya samu +3 bai yi zufa ba.

Tsohon alƙalin wasa: Shi ma yana da matsala. In uku suka yi maki ɗaya, kowa ya doke ɗaya ya faɗi a hannun ɗaya, sai an yi musu ƙaramin tebur su kaɗai, nan ma ƙwallayen za a koma ƙirgawa.

Mai rubuta maki: Na duba takardarmu. Maki uku da maki ɗaya kawai aka rubuta, ba ta ce komai kan wannan ba.