Ina (β+1) ke fitowa idan an cire kafasitar emita?

Assalamu alaikum. Ɗalibi ne ni a nan Gombe, kwana uku ke nan wannan lissafi ya tsaya mini a wuya.

Na haɗa amfilifaya da BC547, siginal na shiga ta bes yana fita ta kwalekta. IC = 1 mA, RC = 4.7 kΩ, RE = 1 kΩ, β kusan 150. A samfurin haibirid-π na samu gm = IC/VT = 40 mA/V, rπ = β/gm = 3.75 kΩ. Ro kuwa na yi watsi da shi.

Muddin kafasita na kan RE, komai lafiya lau: Av = −gm·RC = −188, a osiloskop na ga wajen 170.

Da na zare kafasitar sai abin ya rikice. Na ɗauki rπ da RE a jere suke, wato Rin = 4.75 kΩ (ban da rizistocin bes). Ta haka vπ ya zama 0.79 na vin, Av ya fito −148. Amma na sa 100 mV a 1 kHz, abin da ya fita bai wuce 450 mV ba, wato ninki 4.5 kacal! Na sauya tiransisto, na sake auna RE da mita, duk kanwar ja ce.

Littafinmu ya ce Rin = rπ + (β+1)RE. Da na sa shi, Av ya zama −4.56, daidai da awon. Sai dai haddace shi kawai na yi, kuma hakan na damuna.

Don Allah, a wane mataki na KVL daga bes zuwa ƙasa ne (β+1) ke shigowa ya ninka RE?