Muhawara: Shin jadawalin da kasonsa bai cika 100 ba shaida ce ta ƙirƙirar alƙaluma?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum. An kawo mini rahoton wani ƙaramin bincike da ƙungiyarmu ta sa aka yi a kan ruwan sha a gidaje 240. Jadawalin inda ake samun ruwa ya ce rijiyar burtsatse 38.3, rijiya 27.5, famfo 14.2, 'yan ga-ruwa 12.5, rafi 4.2, jimilla 96.7, kuma a ƙarƙashinsa an rubuta gidaje 232. Wani jadawalin jimillar kasonsa ta tashi 137, wani kuma ya ce gidaje 251 ne. Ra'ayina shi ne duk rahoton da kasonsa bai cika 100 ba, adadin mutanensa kuma yana sauyawa, a zaune aka ƙirƙire shi, kuma ya kamata a mayar wa mai shi.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, ina ganin ka yi saurin yanke hukunci. Ai kowa ya san idan aka taƙaita lambobi zuwa mafi kusa, jimilla ba ta cika fitowa daidai ba. Ka raba mutum uku gida uku, kowanne zai zama 33.3, idan ka haɗa kuma 99.9 za ka samu, alhali babu wanda ya ɓata. Abin da ya rage kawai shi ne a rubuta a ƙarƙashin jadawalin cewa taƙaita lambobi ne ya jawo giɓin, a wuce wurin.

Dakta Hadiza: Alhaji, misalinka daidai ne, amma bai shafi wannan jadawalin ba, domin taƙaita lamba tana da iyakar ɓarnar da za ta iya yi. Idan an tsaya a lamba ɗaya bayan ɗigo, kowane layi ba zai kauce wa gaskiyarsa da fiye da 0.05 ba. Layuka biyar ne a nan, saboda haka ko da dukkansu sun karkata gefe guda, giɓin ba zai wuce 0.25 ba. Da a ce 99.9 ko 100.1 Malam Nasiru ya gani, da na goyi bayanka. Giɓin 3.3 kuwa ya ninka wannan iyakar fiye da sau goma, don haka akwai gidajen da ba su cikin layukan nan.

Ga yadda nakan gano su. Nakan mayar da kowane kaso zuwa adadin gidajen da ya fito daga ciki. Idan muka ɗauka an raba da 240, kashi 38.3 gida 92 ne, 27.5 gida 66, 14.2 gida 34, 12.5 gida 30, 4.2 kuma gida 10. Idan aka haɗa su an sami 232, wato adadin da aka rubuta a ƙarƙashin jadawalin. Gidaje takwas ne ba su da amsa, kuma takwas cikin 240 shi ne kashi 3.3 ɗin da ya ɓace. Abubuwa biyun da suka tayar wa Malam Nasiru hankali, wato 96.7 da 232, ashe abu ɗaya ne: wanda ya shirya jadawalin ya raba da 240, ya cire layin waɗanda ba su amsa ba, sannan ya rubuta 232 a ƙasa.

Malam Nasiru: Dakta, na bi lissafin kuma ya fito kamar yadda kika ce. Amma ta yaya kika tabbata ba da 232 aka raba ba tun farko, aka kuma yi kuskure a wani layin?

Dakta Hadiza: Saboda 232 ba zai iya haifar da 38.3 ba, Malam. Gida ba ya rabuwa, dole adadin ya zama cikakke. Gida 88 cikin 232 kashi 37.9 ne, gida 89 kuma 38.4, babu wani adadi a tsakaninsu da zai ba da 38.3. Kana iya gwadawa da kanka a Excel:

```
=ROUND(89/232*100,1)
=ROUND(92/240*100,1)
```

Na farkon zai ba ka 38.4, na biyun 38.3. Ina kyautata zaton da manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS aka yi aikin, domin ita tana fitar da ginshiƙai biyu kusa da juna, Percent wanda ke rabawa da kowa da kowa har da waɗanda ba su amsa ba, da Valid Percent wanda ke rabawa da masu amsa kawai. Ɗalibaina sun sha kwafo na farkon su bar layin Missing a baya. Da na biyun aka ɗauka, da an ga 39.7, 28.4, 14.7, 12.9 da 4.3, waɗanda suka haɗa 100.0 daidai.

Usman: Gafarta Dakta, ni a ganina asalin matsalar ita ce gidaje 240 sun yi kaɗan. Lokacin da nake rubuta kundina, malamina ya sa na yi amfani da ƙa'idar Yamane ta lissafa yawan waɗanda ya kamata a tambaya, na kuma sami kusan mutum 400. Da sun kai wannan adadin, da kason ya daidaita.

Malama Zainab: Usman, wannan wata magana ce daban. Yawan waɗanda aka tambaya yana shafar yadda sakamakon zai wakilci garin, amma ba shi da hannu a jimillar kaso. Ko mutum goma ka tambaya, in dai kowa ya faɗa layi ɗaya kuma an nuna dukkan layukan, dole jimilla ta zo 100 ko dab da ita.

Ni na 137 nake so in yi magana a kai, don na taɓa shan kunya a kan irinsa. Na yi aikin tattara bayanai a wasu ƙauyuka, muna tambayar mata yadda suke tsaftace ruwa kafin a sha. Mace ɗaya za ta ce tana sa alif, ta bar shi ya kwanta, sannan ta tace da ƙyalle, mu kuwa duka ukun muke yi wa alama. Da aka fitar da jadawali ya haura 100 nesa ba kusa ba, sai na tsorata, na raba kowane layi da jimillar amsoshi maimakon jimillar mata, ya dawo 100 cif. A wurin gabatarwa wani dattijon jami'in lafiya ya tambaye ni mata nawa cikin ɗari ke tacewa da ƙyalle, na karanto masa lambar, ya ce ƙauyen da ya sani sun fi haka. Gaskiya ya faɗa, domin lambar da na ba shi kason amsoshi ce, ba kason mata ba. Malam Nasiru, ka duba takardar tambayoyin, idan an yarda a zaɓi amsa fiye da ɗaya, to 137 ba laifi ba ne, laifin kawai rashin rubuta hakan a ƙasan jadawalin.

Malam Nasiru: Na duba, Malama, tambayar tsaftace ruwa ce, kuma an rubuta a zaɓi duk wanda ya dace. Wannan na janye. Amma 251 fa? Adadi yana iya raguwa saboda wasu sun ƙi amsawa, amma ban ga yadda gidaje 240 za su haifi 251 ba.

Alhaji Garba: Wataƙila daidaita nauyi aka yi, wato gyara adadin kowane yanki ya dace da rabonsa a cikin jama'a. A rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, an tambayi mata 41,821, amma idan ka duba jiha-jiha za ka ga adadi iri biyu, wanda aka tambaya a zahiri da wanda aka daidaita. Jihohi masu yawan jama'a kamar Kano da Legas adadinsu da aka daidaita ya fi na zahiri, ƙananan jihohi kuma nasu ya ragu. Ba wanda ya ce ƙirƙira suka yi.

Dakta Hadiza: Haka ne, Alhaji, kuma ana yin hakan ne domin an ɗebi ƙananan jihohi fiye da rabonsu don kowace jiha ta sami adadin da zai isa a yi magana a kanta. Sai dai ka lura da abu biyu. A wancan rahoton jimillar mata a matakin ƙasa ba ta sauya ba bayan daidaitawar, rabon ne kawai ya sauya tsakanin jihohi. Sannan sun bayyana komai a fili, har sukan sa kaso cikin baka idan mutum 25 zuwa 49 kawai aka tambaya, su sa tauraro a madadin lambar idan ba su kai 25 ba. Binciken gidaje 240 da ƙungiya ta yi a yanki ɗaya da wuya a ce an daidaita masa nauyi, in ma an yi, da an faɗa a sashen bayanin hanyar bincike. Abin da zan fara tambaya shi ne me ake ƙirgawa a wannan jadawalin. Idan a kan gudawar yara ne, mai yiwuwa yara 251 ne a cikin gidajen, aka manta ba a sauya kan jadawalin ba. Idan kuwa gidaje ne da gaske, to akwai layuka goma sha ɗaya da suka wuce ƙima, kuma mafi yawan abin da ke jawo haka shi ne a shigar da takarda ɗaya sau biyu, ko a bar takardun gwaji na ranar horo a cikin bayanan.

Malam Nasiru: Jadawalin a kan nisan wurin ɗebo ruwa ne, Dakta, kuma gidaje aka rubuta, babu batun yara. A nan ina nan a kan bakana. Wanda zai iya ƙara gida goma sha ɗaya bai sani ba, ban ga dalilin da zan amince da sauran aikinsa ba.

Malama Zainab: Ban ce ka amince ba, Malam, amma sakaci daban, ƙirƙira daban. Mai ƙirƙirar alƙaluma a ɗaki shi ne ya fi kowa kula jimillarsa ta zo 100, domin ya san nan za a fara dubawa. Yadda kason nan ya koma cikakkun gidaje 92, 66, 34, 30 da 10 ya fi kama da aikin wanda ke da bayanai na gaske a hannunsa. Ka nemi ainihin fayil ɗin, ka jera shi bisa lambar gida, ka ga ko akwai lambar da ta fito sau biyu, ka kuma duba kwanan watan kowace takarda.

Alhaji Garba: Ni abin da bai kwanta mini ba shi ne gidaje takwas ɗin nan. Idan aka koma kan 232 kamar yadda Dakta ta lissafa, jadawali zai yi kyau, amma an ɓoye cewa wasu ba su amsa ba. Na fi son a bar 240, a ƙara layi na shida mai 3.3.

Dakta Hadiza: Ni kuma ina rabawa da masu amsa, in rubuta a ƙasa cewa gidaje takwas ba su amsa ba, domin tambayar da mai karatu ke yi ita ce daga ina mutane ke samun ruwa. Amma zan bi ra'ayinka idan ya tabbata cewa takwas ɗin sun ba da amsa, kamar ruwan leda ko ruwan sama, takardar ce ba ta tanadar musu gurbi ba, don a lokacin layi ne na gaske aka yar. Malam Nasiru, idan fayil ɗin ya zo, ka duba takardun nan takwas tare da goma sha ɗayan, ka gaya mana ko mai tambaya ɗaya ne ya cika su.

Malam Nasiru: Na aika a kawo fayil ɗin da takardun asali gobe da safe, in sha Allahu. Ba zan sa hannu a rahoton ba sai na ga inda 251 ya fito.