Waɗanda ruwa ya taɓa shiga gidansu, da me kuka fara?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Gidan da muka koma a cikin kwari yake, har an nuna min shatin da ruwa ya bari a bango, daidai gwiwata. Maigidan matafiyi ne, yawanci daga ni sai yara. Don Allah wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya faɗa min: tsakanin kwashe kaya, kashe wuta da tanadin ruwan sha, wanne ake fara yi?

Magidanci: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Namu cikin dare ya zo. Na farka na sauko da ƙafa daga gado sai na ji tsundum. Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne talabijin na fara ɗauka. Ina can ina kokawa da katifar da ta sha ruwa, wadda mu biyu muka kasa ɗagawa, ashe takardun gida da na haihuwar yara suna durowar ƙasa suna jiƙa. Da na tuna da wuta kuma, ruwa ya kai ƙwauri, akwatin makunnin yana can ƙarshen zaure. Ban je ba, na tattara iyali muka fita. Allah ne ya kiyaye, an ɗauke wuta a daren. Yanzu takardunmu suna cikin leda biyu, a bokiti mai murfi a saman wadirob, tare da magungunan mahaifiyata da tocila, kuma na ɗauki hotonsu a waya.

Mai Gyaran Wuta: Malam, rashin zuwan nan da ka yi shi ne daidai. Hajiya, amsarki a taƙaice: wuta ake fara kashewa, tun ƙasa tana bushe. Kada ki jira ruwa ya kai soket na bango. Soket mai doguwar waya da muke yarwa a ƙasa bayan kujera shi ruwa yake fara tarwa, tun bai rufe idon sawu ba. Da kin ga ruwa ya cika tsakar gida yana neman bakin ƙofa, ki sa takalmin roba, hannu a bushe, ki sauke ƙananan makunnai ɗaya bayan ɗaya, sannan babban. In har sai kin tsaya cikin ruwa kafin hannunki ya kai, to lokaci ya wuce. Kada a gwada da sanda ko kujera, a fita a kira masu wuta su yanke daga waje.

Kuma kar a ce ai an ɗauke wuta. Ana iya maido ta kana tsaye cikin ruwa. Wani gida da na je, maigidan ya rantse ya kashe babban makunni, amma na sa tasta a soket ta kawo haske. Inbata ce take ba gidan wuta daga batir, ita ba ruwanta da makunnin mita. Mai sola sai ya kashe inbata daban, ya kashe makunnin batir da na farantan, kuma ya sani muddin akwai rana wayar da ta sauko daga rufi tana ɗauke da wuta.

Direba: Ni shawarata kar wanda ya shiga ruwa da mota. Na gwada, ruwan bai kai rabin ƙofa ba na ji bayan motar ya tashi tana juyawa da ni, ta taga na fita. Injin ma sai da aka sauke shi.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Mu dai ko keke babu, amma na ɗauki darasi. Saura maganar ruwan sha, don rijiya ce a gidan.

Inna Mai Jikoki: 'Yata, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Lokacin da ya same mu ruwan rijiya ya koma ja kamar ƙasa. Alam na jefa a baho, kafin a jima ya kwanta garau, na tace da farin ƙyalle muka sha. Ga mu nan da ranmu. Abin da na yi kuskure shi ne jarkar man janareto da na bari a ƙasa, ta taso ta kife, tukunyar gas ma na tarar da ita tana yawo a tsakar gida.

Ma'aikaciyar Lafiya: Inna, ki gafarce ni, rabin aikin kika yi. Alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. In ambaliya ta zo masai yakan cika ya tumbatsa, abin da ke ciki ya gangara rijiya, ruwan ya yi garau a ido amma ya jawo amai da gudawa. Na yi jinyar yara 'yan gida ɗaya a kan haka.

Bayan alam da tacewa sai a tafasa, a bar shi yana ɓararraka minti 1 cur. In makamashi ya jiƙe, akwai ƙwayar kulorin ta tace ruwa, a bi abin da aka rubuta a jikinta don girmansu ya bambanta. Ko bilic zalla, marar ƙamshi marar sabulu, mai ƙarfin kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari: ɗigo 2 a lita 1, wato ɗigo 40 a jarka mai lita 20, kusan rabin ƙaramin cokali. A girgiza, a jira minti 30. A sunsuna, in ba a ji ɗan warin kulorin ba, sai a maimaita. In ruwan bai washe ba, sai a ninka ɗigon. Amma rijiyar da fetur ya shiga, kamar yadda Inna ta ce jarkarta ta kife, tafasa ba ta gyara ta, bilic ma haka.

Uwar Biyu, mafi sauƙi ki tara tun yanzu. Ki ƙiyasta lita 4 ga kowane mutum a rana, na kwana 3. Ku huɗu lita 48 ke nan, jarka 3 ta wadatar. Ki ɗaure murfin sosai ki ɗora su a kan tebur mai ƙarfi.

Inna Mai Jikoki: To likita, na ji. Amma mu tun tasowarmu da alam muke sha.

Magidanci: Malam mai wuta, bayan ruwa ya janye fa? Ni kwana biyu na jira na kunna, firjin ya yi ƙara ya ƙone.

Mai Gyaran Wuta: Bango yakan bushe a ido alhali akwai ruwa da laka kwance cikin bututun waya da bayan soket. Sai an buɗe an duba an auna, soket da ya nutse kuma canza shi ake yi. In za a tayar da janareto kafin nan, a waje, a ƙalla mita 6 daga taga, kada a shigo da shi zaure don gudun ruwa. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Yanzu na leƙa akwatin namu, ya fi ƙarfin tsawona, kuma batiran sola a ƙasa suke daɓas. Gobe zan kira a ɗaga su. Rijiyar fa, in ta cika, yaushe ake komawa shanta?

Ma'aikaciyar Lafiya: Sai an kwashe ruwan, an yashe, an zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, an sake kwashewa. Ni ko bayan haka tafasawa nake yi har sai an gwada ruwan.

Magidanci: Mu sau biyu muka yashe tamu, ƙasan tana ta maido da ruwa mai wari. Har yanzu wanki kawai muke yi da ita. Ko akwai wanda tasa ta gyaru?