Wane suna za mu raɗa wa inbois da Hausa?

Ɗan Gujungu: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu Hausa a baki ku taimaka min. Ni nake riƙe wa Baba lissafin shagonsa na kayan gini, to na gaji da rubutun hannu da kabon sai na haɗa wani abu a Excel, shafi ɗaya jerin odar mutane ne, suna da kaya da adadi da farashi, ɗaya shafin kuma in na sa lambar oda sai ya jawo komai ya ba takardar lambarta da kansa ya sa layin haraji ya rubuta jimla da kalmomi, ni kawai bugawa zan yi. Komai na mayar Hausa saboda Baba da yawancin masu sayenmu ita suke karantawa, amma kan takardar ya gagare ni, har yanzu `INVOICE` ne zaune a wurin kuma wallahi abin yana damuna. Me za mu kira ta?

Mai Shayin Tasha: Ai rasit ne malam, tun muna yara rasit muka sani, kar ka wahalar da kanka.

Tsohon Akawu: A'a ɗana, kusa ka je amma ba ita ba ce. Rasit shaida ce cewa kuɗi sun shiga hannu. Ita wannan tana fita ne kafin a biya, tana cewa ga abin da ka ɗauka ga abin da ake binka. Ka rubuta rasit a kanta ka ba ɗan kwangila siminti buhu goma sha biyu bai ba ka ko sisi ba, ranar da rigima ta tashi ya ɗaga takardar a gaban mai gari ya ce ga shaidar na biya, me za ka ce? Ni na fi son takardar neman biya, ta ɗan yi tsawo amma ta faɗi aikinta.

Hajiya Mai Shinkafa: To ku ce takardar bashi mana ku huta. Ni ma ina da mata kusan ashirin da suke ɗaukar shinkafa sai ranar kasuwa su biya, littafina ya jiƙe da damina rabin sunayen suka goge, wannan abin naka zai iya riƙe min su a waya?

Ɗan Gujungu: Hajiya naki littafin bashi ne, aiki ne daban amma ana yi, zan nuna wa yaronki in ya shigo. Takardar bashi kam na gwada, Baba ya ce kul, Alhajin da zai biya nan take ka miƙa masa takarda an rubuta bashi ƙato a sama ai ka ci fuskarsa. Ni abin da ke min daɗi a kunne shi ne takardar lissafi, don abin da mutane ke cewa a shago kenan, yaro buga min lissafina.

Tsohon Akawu: Tana da daɗi amma akwai wata takardar da ta fi cancantar sunan, wadda ake ba mai saye a ƙarshen wata ta tattaro duk abin da ya ɗauka da abin da ya biya da saura. In ka ba wannan sunan yanzu, ranar da ka zo yin waccan me za ka kira ta? Sannan tunda ka ce lamba tana zuwa da kanta, da me ka yi ta?

Ɗan Gujungu: Da lambar layi na yi Baba Akawu, kamar haka

```
="INV-"&TEXT(ROW()-1,"0000")
```

Tsohon Akawu: To nan matsala take. Ranar da wani ya fasa oda ka goge layinsa, duk na ƙasa za su matso sama, takardar da ka riga ka ba mutum mai lamba 0042 sai ta koma 0041 a wajenka, takardu biyu a hannun mutum biyu da lamba ɗaya. Gwada ka gani, goge layi ɗaya a tsakiya ka dubi na ƙarshe. Lamba in ta fita a takarda ta zauna kenan, ka sa ya ɗauki mafi girma ya ƙara ɗaya sannan ka manna ta a matsayin lamba tsagwaronta, wadda aka fasa kuma kar ka goge, rubuta an soke a gefenta ka bar ta.

Ɗan Gujungu: Na gwada yanzu, wallahi haka ya yi, Allah ya saka. Layin harajin kuma na rubuta harajin bat, wato VAT da ake ɗorawa kan kayan da aka saya, kashi 7.5 cikin ɗari, misali siminti buhu 12 a 10,000 ya zama 120,000, ƙusa da waya 20,000, jimla 140,000, haraji 10,500, gaba ɗaya 150,500.

Mai Shayin Tasha: Ba kashi biyar ba ne?

Tsohon Akawu: Da can biyar ne, tun Fabrairun 2020 ya koma bakwai da rabi. Amma ka kula, sai in shagon yana da rajistar karɓar harajin kuma yana miƙa shi, in ba haka ba ka kashe layin, karɓar kuɗin mutane da sunan haraji ka riƙe ba daidai ba ne. Kayan abinci irin shinkafar Hajiya ma ba a ɗora musu, don haka kowane kaya ya samu alamarsa a jerin. In kuma farashin da kuka faɗa da harajin a ciki yake, raba shi za ka yi da 1.075 ka samu asalin kuɗin, kar ka sake ɗora wani a kai.

Malama daga Ringim: Ni sunan bai dame ni kamar jimlar da kalmomi ba. 150,000 me injin naka yake rubutawa? Kuma 100,050 fa?

Ɗan Gujungu: Innalillahi, duka biyun naira dubu ɗari da hamsin kacal ya fitar. Excel ba shi da abin mayar da lamba kalmomin Hausa, ni na rubuta masa ɗan shiri, ya karanta dubbai sannan ya liƙa saura da “da”, ban taɓa lura ba.

Malama daga Ringim: Ka gani, kuma amfanin rubutun da kalmomi kenan, don kar wani ya ƙara sifiri da biro, in kalmomin suna da fuska biyu ai ba su tsare komai ba. A baki in an ce dubu ɗari da hamsin kowa 150,000 yake ji, amma takarda ba ta da baki. Ka sa ya maimaita, na farko naira dubu ɗari da dubu hamsin, na biyu dubu ɗari da naira hamsin. Naka na ɗazu sai ya zama naira dubu ɗari da dubu hamsin da ɗari biyar kacal. Kuma ya guji irin su ashirin ba ɗaya da metan da jaka, tsofaffi sun san jaka naira 200 ce, amma baƙonka da ya tsallako daga Nijar ta Maigatari jaka a wajensa sefa dubu ce.

Ɗan Gujungu: Madalla Malama, daren nan zan gyara. Sunan kuma na buga kwafi biyu na kai wa Baba, ya karanta takardar neman biya ya ce ta yi masa kamar roƙo, takardar lissafi ya fi so. Ni kuma maganar Baba Akawu ta tsaya min a rai. A yanzu dai na sa takardar lissafin kaya a sama, `INVOICE` ƙarami a ƙasanta saboda 'yan kwangila ofishinsu shi yake nema kafin ya biya.

Tsohon Akawu: Da kaya a ƙarshe ta ɗan rabu da ta ƙarshen wata, amma har yanzu ba ta ce ba a biya ba. Ka ƙara layi a ƙasa, saura kuɗi da ranar biya.

Mai Shayin Tasha: Ni dai gobe in na zo sayen ƙusa imbos zan ce a ba ni, kowa ya gane.