Waya ta matsa min da afdet, ga ƙarancin data da wuta

Sani, daga yankin Gumel: Assalamu alaikum. Tecno ce da ni mai 32GB, kullum tana neman afdet na 1.6GB, sararin da ya rage kuma 900MB ne. Da ita nake karɓar kuɗi a kasuwar Maigatari. In yi ko in ƙyale?

Malam Habibu mai gyaran waya: Wa alaikumus salam. Ka yi, amma ba yau ba, tunda gobe Alhamis ce, ranar kasuwa. Bayan babban afdet waya takan yi kwana ɗaya ko biyu tana ɗumi tana shan caji, don tana sake daidaita manhajojinta, wani lokaci ma manhajar banki ta nemi ka sake shiga. Bari sai Juma'a. Kafin nan ka kwashe bidiyoyi zuwa memori har ka samu sararin 4GB, domin fayil ɗin yana buƙatar wurin da zai warware kansa bayan ya sauka, in babu sai ya tsaya a hanya, data ta tafi a banza. Caji ya haura kashi 50. Da ta fara girkawa kada ka taɓa maɓallin kashewa, ko da ta yi minti ashirin a kan tambari, don katsewa a nan ne ke sa waya ta yi ta kunna kanta tana mutuwa.

Ɗanladi: Ni dai shawarata ka bar ta yadda take. Afdet nauyi yake ƙara wa ƙaramar waya.

Malama Zainab: Ɗanladi, da gaskiyarka in sabon Android ne gaba ɗaya a waya mai RAM 2GB, wannan ana iya jinkirta shi mako biyu a ji yadda ya karɓi masu irinta. Amma facin tsaro daban ne, ƙofofin da ɓarayi suka gano yake toshewa. A 2019 an samu ɓaraka a WhatsApp da kira kaɗai ke shigar da manhajar leƙen asiri ko ba a ɗaga ba, kuma sabuntawa ce ta toshe ta. Malam Sani, shiga Settings, About phone, Android version, ka duba kwanan watan security update. In ya haura wata shida, ga kuɗi a wayar, kada jinkirin ya wuce Juma'ar nan. Data kuwa, a Play Store ka zaɓi Don't auto-update apps, sai ka riƙa sabunta na banki, WhatsApp da Chrome da hannunka, sauran su jira.

Auwalu: Filashin ake nufi? To hotunansa za su goge.

Malam Habibu: A'a Auwalu, afdet ɗin da ya fito daga Settings ba ya goge komai, amma a adana lambobi tukuna. Wanda aka turo da linki a WhatsApp kuwa, kada a taɓa shi.

Ɗanladi: Har yanzu ban ga mai 2GB da ta ƙara sauri bayan afdet ba.